Gani Bai Kori Ji Ba: Hoton Hira da Shari'ar Zaure

Tun muna yara ake koya mana cewa gani ya kori ji, kuma ba mu taɓa samun dalilin musa wannan magana ba sai da wayar hannu ta shigo da wani sabon irin gani. Muna nufin hoton nan da mutum yake ɗauka na fuskar wayarsa, wanda 'yan makaranta ke kira sikirinshot, ya yanko wani ɓangare na hirar da ya yi da wani, ya jefa shi cikin zauren WhatsApp na aji ko na ofis. Kafin a yi sallar isha'i mutum ɗari uku sun gani, sun yi shari'a, sun yanke hukunci, alhali kuwa wanda ake tuhuma yana can ɗakin karatu bai ma san an kafa kotu a kansa ba. Kowa cewa yake yi ai da idona na gani. Mu kuwa a wannan fili abin da muke so mu nuna wa 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata shi ne, wanda ya ga hoton hira bai ga hirar ba. Abin da ya gani shi ne iyakar abin da wani mutum ya zaɓa ya nuna masa, kuma wannan mutumin, sau da yawa, yana da ƙafa a cikin rigimar.

Bari mu kawo abin da ya auku a wata ƙungiyar ɗalibai ta wani sashe, wanda muka bi diddiginsa tun daga fari har ƙarshe. Ba za mu ambaci suna ba, domin waɗanda abin ya shafa sun riga sun sha isasshen kallo. Ƙungiyar ta tara kuɗin tafiyar buɗe ido, naira dubu biyu-biyu daga ɗalibai 180, watau naira 360,000 ke nan, aka danƙa wa ma'aji. Ana saura mako guda a tafi, sai sakataren ƙungiya, wanda da ma akwai 'yar tsama tsakaninsa da ma'ajin, ya saki hotuna biyu a zauren aji. A hoto na farko ma'aji ya rubuta cewa kuɗin suna cikin asusunsa, a ƙasa kuma ya ce kada a gaya wa kowa tukuna. A hoto na biyu sakatare ya tambaye shi ina kuɗin mota, shi kuwa ya amsa da cewa ai sun shiga ciki tuni, sai dai a yi haƙuri. Shi ke nan. Layi huɗu kacal, amma a daren nan sai da aka kira yaron nan ɓarawo fiye da a ƙirga, wasu suka tafi ɗakin kwanansa suna buga ƙofa, wata kuwa ta tura hotunan zuwa zauren 'yan garinsu, inda ƙanin mahaifinsa yake.

To, ga abin mamaki. Babu ko harafi ɗaya na ƙarya a cikin hotunan nan. Ma'ajin ne ya rubuta kowace kalma, kuma da aka tambaye shi bai musa ba. Wannan shi ne abin da ya sa irin wannan hujja ta fi jabu haɗari, domin jabu ana iya kama shi a ƙaryata, amma gaskiyar da aka datse mata kai da ƙafa, mai ita ma sai ya rasa ta inda zai fara kare kansa. Da zarar ya ce e, ni na rubuta, amma, to babu mai sauraron abin da ke bayan amma ɗin.

Allah Ya sa malamin da ke kula da ƙungiyar dattijo ne mai sanyin hali. Da aka kai masa hotunan a buge a takarda, sai ya ture su gefe, ya dubi sakatare ya ce, "Ɗana, takarda ba ta da sama da ƙasa. Kawo wayar." Ya kuma aika aka kira ma'aji da tasa wayar, aka ajiye su biyu a kan teburi gefe da gefe, a gaban mutum uku na kwamiti. Abin da ya fito ya isa darasi, kuma za mu bi shi a hankali, domin kowane abu da aka gano a wurin yana nuna wani abu da hoton hira kan haɗiye.

Da farko dai an gano cewa zancen asusu amsa ce ga wata magana da ta gabata. A saman inda hoton ya yanke akwai saƙon murya na shugaban ƙungiya, wanda aka turo wa ma'aji shi kuma ya tura wa sakatare, inda shugaban yake cewa asusun ƙungiya ya sami tangarɗa saboda ɗaya daga cikin masu sa hannu ya gama makaranta, don haka a ajiye kuɗin a wurin ma'aji har a gyara. Ko da hoton ya haɗa da wannan saƙo, da ba abin da mai kallo zai gani sai ɗan layi da adadin daƙiƙoƙi, gama hoto ba ya magana. Mu kuwa Hausawa, kowa ya sani, rabin hirarmu a waya da murya muke yin ta, musamman idan maganar tana da nauyi ko tana bukatar dogon bayani. Saboda haka sau da yawa gundarin zance yana cikin murya, ko cikin kiran waya da aka yi a tsakani, ko cikin maganar da aka yi a tsaye a bakin ɗakin lacca, rubutun kuwa ɗan guntun tsokaci ne kawai da ya biyo baya.

Na biyu ya fi muni. Maganar nan ta kada a gaya wa kowa, ashe ba ta shafi asusu ba sam. A wayar ma'aji, tsakanin saƙon asusu da wannan, akwai tambayar da sakatare ya yi, ko shugaban sashe ya yarda zai ƙara wa ƙungiya naira 50,000 na mai. Ma'aji ya amsa cewa ya yarda, sa'an nan a saƙo na gaba ya ce kada a gaya wa kowa tukuna, watau har kuɗin su zo hannu. A wayar sakatare kuwa, tambayar da amsar farko duk babu su. A nan ya kamata kowane mai riƙe da waya ya san wani abu game da yadda WhatsApp ke aiki. Gogewa iri biyu ce. Idan mutum ya zaɓi "Delete for everyone", saƙon zai ɓace a ɓangarorin biyu, amma zai bar tabo, a ga rubutun da ke cewa an goge saƙo a nan. Idan kuwa ya zaɓi "Delete for me", saƙon zai fita daga wayarsa kaɗai, ba tabo ba alama, saƙon sama da na ƙasa su matso su haɗe kamar da ma haka suke. Kuma da wannan hanya mutum yana iya cire nasa saƙon, yana iya cire na abokin hirarsa. Ke nan ba ya bukatar gwaninta ko wata manhajar gyaran hoto. Yatsa ɗaya ya isa ya mai da amsar wata tambaya ta zama amsar wata dabam, kana ya ɗauki hoto na gaskiya na hirar da ba a taɓa yi ba.

Na uku shi ne lokaci. Wani ɗan kwamiti mai lura ne ya fara ankara, tun kafin a kawo wayoyin, cewa hoto na farko ya ƙare da ƙarfe 9:14 na dare, na biyu kuwa ya fara da 8:50 na dare. Agogo ba ya komawa baya, don haka ba dare ɗaya ba ne. Kowane saƙo a WhatsApp sa'a da minti kawai yake ɗauke da su a gefensa, kwanan wata kuwa yana zaune ne a kan ɗan tambari a farkon hirar kowace rana, kuma da an yanke hoto a ƙasa da tambarin nan, mai kallo ba shi da hanyar sanin ko jiya aka yi maganar ko bara. Agogon da ke can saman hoto ma ba ya taimakawa, gama lokacin da aka ɗauki hoton yake nunawa, ba lokacin da aka yi hirar ba. Da aka duba, kwana uku ne tsakanin hotunan biyu. A cikin kwana ukun nan an gyara asusun ƙungiya, ma'aji ya mayar da kuɗin, an biya mai mota rabin kuɗinsa, kuma sakatare ya san duk wannan, domin a gabansa aka yi.

Wannan ne ya kawo mu ga magana ta huɗu, wadda ta fi duka wahalar nunawa a takarda, watau wasa. Da sakatare ya tambayi kuɗin mota a dare na biyu, ya san an biya, tsokana ce irin ta waɗanda suka saba, shi kuma ma'aji ya mayar masa da tsokana. A ƙasa kaɗan da inda hoton ya tsaya akwai fuskokin dariya daga ɓangarorin biyu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin maganar da ke gudana tsakanin abokan wasa, ko tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, ko jika da kaka. Idan aka rubuta abin da Bakatsine da Bagobiri, ko Bafulatani da Babarbare, ke faɗa wa juna a kasuwa, aka kai wa baƙon da bai san al'ada ba, sai ya ce a kira 'yan sanda. Abin da ya mai da zagi ya zama wasa ba ya cikin kalmomin, yana cikin dangantakar masu maganar, ita kuwa dangantaka ba ta fita a hoto.

Kada mai karatu ya zaci ma'aji ya fita fes. Tsarin mulkin ƙungiyar ya hana ajiye kuɗinta a asusun wani mutum, ko da na kwana ɗaya ne, kuma umurnin shugaba ta saƙon murya bai isa ya ɗage wannan doka ba. An ja masa kunne shi da shugaban a rubuce, kuma muna ganin daidai ne. Amma tsakanin sakaci da sata akwai tafiya mai nisa, kuma zauren da ya yi masa hukuncin sata bai taru ya janye ba. Bayanin kwamiti ya fito bayan kwana tara, shafi guda, mutum kaɗan ne suka karanta shi. Zauren 'yan garinsu kuwa har yau ba wanda ya tura musu.

Wannan dabara ta datse zance ta girmi waya nesa ba kusa ba. A ranar 13 ga Yuli, 1870, a garin Ems na ƙasar Jamus, jakadan Faransa, Benedetti, ya tare Sarki Wilhelm na Ɗaya na Furusiya yana cikin shan iska, ya nemi sarki ya yi alkawarin cewa har abada ba zai sake yarda wani ɗan gidan sarautarsu ya nemi gadon sarautar Sifen ba. Sarki ya ƙi, amma cikin ladabi, daga baya kuma ya aika masa da cewa ya sami tabbacin ɗan'uwan nasa ya janye, don haka ba sauran abin tattaunawa. Aka buga wa Bismarck waya zuwa Berlin da cikakken bayanin abin da ya gudana. Bismarck, wanda yake neman dalilin yaƙi, ya ɗauki alƙalami ya rage saƙon, ya zubar da sassan da ke nuna dalili da lallashi, ya bar abin da zai sa Faransawa su ga an wulakanta jakadansu, Jamusawa kuma su ga an yi wa sarkinsu rashin kunya, kana ya miƙa wa jaridu. Shi da kansa ya yi iƙirari daga baya cewa bai ƙara kome ba, yankewa kawai ya yi. Ranar 19 ga Yuli Faransa ta shelanta yaƙi, kuma kafin wata biyu su cika an kama Sarki Napoleon na Uku a Sedan. Ba mu ce saƙon ne kaɗai ya haddasa yaƙin ba, gama itacen ya daɗe da bushewa, amma shi ne ashanar. Bambancin kawai shi ne, a wancan zamani sai babban waziri mai iko da jaridu ke iya wannan aiki, yau kuwa kowane ɗan aji ɗaya yana da almakashin a aljihunsa.

To, me ya kamata mutum ya tambaya idan irin wannan hoto ya faɗo masa? A ganinmu tambaya ta farko ba ita ce ko hoton na gaske ne ba, ko da yake ita ma tana da muhalli. Tambaya ta farko ita ce, wa ya ɗauka, kuma me zai samu? Hoton da kansa yana ba da rabin amsa, domin saƙonnin mai wayar suna fitowa ne a hannun dama tare da alamar isa, na abokin hirarsa kuma a hagu. Ke nan duk wanda maganarsa ke dama, a wayarsa aka ɗauki hoton, kuma mai riƙe da wayar ne ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya. Idan wanda ya turo maka ba shi ne mai wayar ba, sai ka tambaye shi daga wa ya samu, shi ma wancan daga wa. Malamanmu na hadisi ba su karɓar magana sai sun san sarƙar waɗanda suka ɗauko ta, kuma ba mu ga dalilin da zai sa mutuncin ɗan'uwa ya zama abin da za a zubar da riwayar da ba ta da ko mutum ɗaya sananne a cikinta ba. A kuma tuna cewa sunan da ke saman hira ba shaida ba ne. Mai waya ne yake rubuta sunan da ya ga dama a kan kowace lamba, yana iya ajiye lambar ƙaninsa da sunan shugaban sashe, ya sa ƙanin ya ɗora hoton shugaban, su zauna su rubuta abin da suke so.

Tambaya ta biyu, wadda muke ganin ta fi kowace amfani, ita ce: wannan magana amsar mece ce? Kowane saƙo a cikin hira yana rataye ne a jikin wanda ya gabace shi. Idan layin farko na hoto ya fara da e, ko a'a, ko to shi ke nan, ko na yarda, lalle akwai abin da aka yarda da shi wanda ba a nuna maka ba. Idan ka ga amsoshi biyu a jere ba tambaya a tsakaninsu, ko amsar da ta fi ƙarfin tambayarta, ko fushin da ya tashi ba dalili, sai ka yi zaton an cire wani abu. Idan hotunan sun fi ɗaya, duba ko layin ƙarshe na wannan ya sake fitowa a farkon na gaba, domin mai son nuna gaskiya yakan bar su su hau juna don a ga ba giɓi. Akwai kuma kalmar "Edited" da kan fito a gefen saƙo. Tun shekarar 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da aika shi, kuma ba ya nuna abin da aka fara rubutawa, don haka hoton da aka ɗauka kafin gyara da wanda aka ɗauka bayansa suna iya saɓa wa juna alhali dukansu na gaske ne.

Amma duk wannan bincike na ido iyakarsa ya sa ka shakka, ba zai ba ka yaƙini ba. Yaƙini yana cikin abin da dattijon malamin nan ya yi, watau a ga wayoyin biyu, a ja hirar sama da ƙasa, a saurari muryoyin. Wayar mai ƙara kaɗai ba ta isa ba, tun da mun ga yadda ake share ta. Ko fayil ɗin da "Export chat" ke fitarwa, mai ɗauke da kwanan wata a kan kowane layi, bai isa shi kaɗai ba, gama abin da ya rage a wayar yake kwafowa, kuma rubutu ne da ake iya gyarawa. Kotunan ƙasar nan ma ba su karɓar irin wannan hujja da ka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi takardar da na'ura ta fitar, har da bayanin na'urar da yadda aka samo takardar. In alƙali mai rantsuwa a wuyansa yana tambayar wannan, mu da ba mu da kome sai babban yatsa ina dalilinmu na gaggawa?

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce ai kowane mai laifi da aka kama, abin da yake fara faɗa shi ne an yanke maganata. Haka ne. Kuma akwai lokutan da hoton hira shi ne kaɗai makamin mai rauni, kamar ɗalibar da wani mai iko da makinta yake matsa wa, ko ƙaramin ma'aikacin da aka umurta ya sa hannu a kan abin da bai dace ba. Ba mu ce a yi watsi da hujjarsu ba, kuma akwai kalmomin da babu wani abin da ya gabata ko ya biyo baya da zai wanke su. Abin da muke cewa shi ne, da'awar an yanke magana ita ma da'awa ce, sai a ce wa mai yin ta kawo sauran. Idan yana da gaskiya, cikakkiyar hira za ta fitar da shi. Idan kuwa ya ce wayarsa ta faɗa ruwa a daren da abin ya tashi, wannan ma wani abu ne da kwamiti zai auna. Cikakkiyar hira ba ta cutar da mai ƙara na gaskiya, hasali ma takan ƙara wa ƙararsa nauyi. Sai dai a lura, ba a zauren mutum ɗari uku ake buɗe ta ba, domin a cikin hirar mutum biyu akwai zancen rashin lafiyar uwa, da bashi, da sirrin wasu da ba ruwansu da rigimar. Mutum uku amintattu a ɗaki ɗaya sun isa.

Ɗaliban ƙasar nan sun fi kowa sanin darajar a saurari mutum kafin a hukunta shi. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri a 1983 an kori wasu ɗalibai, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta yanke cewa ba a yi musu adalci ba, daga cikin dalilai har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ɗalibai ne suka yi wannan gwagwarmaya, kuma har yau ana kafa hujja da shari'ar a kotuna. Abin kunya ne a ce haƙƙin da muka ƙwato daga hannun hukumar makaranta mu ne muke hana wa junanmu shi a zauren aji, inda mai ƙara shi ne mai kawo shaida, shi ne kuma mai zaɓen abin da alƙalai za su gani.

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai da ta sa wannan batu cikin ajandar zamanta na gaba. Muna ba da shawarar a rubuta cikin ƙa'idojin kwamitin ladabtarwa cewa ba za a karɓi hoton hira a matsayin hujja ba sai wanda ya ɗauke shi ya bayyana da wayarsa, an kuma ba wanda ake tuhuma damar kawo tasa, a duba su tare a gabansu. A kuma umurci masu kula da zaurukan aji da na sashe su cire duk hoton tuhuma da aka jefo, su miƙa shi ga kwamiti, kana idan hukunci ya fito su liƙa shi a zauren da aka fara sakin hoton. Shi kuwa ma'ajin da muka ba da labarinsa, ya ajiye muƙaminsa mako biyu bayan bayanin kwamiti, kuma da aka zo zaɓen wanda zai gaje shi, sai da aka ɗage zaman sau biyu saboda ba wanda ya fito takara.